Ƙarin kuɗin kiret ɗin ƙwai: wane irin saƙo ya kamata ka tura wa kwastomominka?

A ce mai gonar kaji ne a bayan Tumfure, cikin Gombe, yana da kajin ƙwai 1,000. Ya je sayen abinci ya tarar buhu ya tashi, ya dawo gida ransa a ɓace, bayan sallar isha ya ɗauki waya ya rubuta wa duk masu karɓar ƙwai a wurinsa:

"SANARWA TA GAGGAWA!!! Jama'a wallahi abubuwa sun lalace a ƙasar nan. Abincin kaji ya yi tashin gwauron zabi, komai ya ƙara kuɗi, asara kawai muke yi. Dole mu ƙara kuɗin ƙwai daga yanzu, in ba haka ba sai dai mu rufe gona. Kuma ba mu san inda abin zai tsaya ba. Don Allah a yi haƙuri, a yi haƙuri, ba laifinmu ba ne."

Mutumin bai yi ƙarya ba, abinci ya tashi da gaske. Amma duba abin da mai shayin da ke kusa da Tashan Dukku zai samu a cikin saƙon idan ya buɗe shi da asuba. Bai san nawa kiret ya koma ba. Bai sani ba ko "daga yanzu" ya haɗa da kiret ukun da za a kawo masa ƙarfe bakwai. Ya tura kuɗin kiret goma shekaranjiya, bai san matsayinsu ba. Abu biyu kaɗai ya fahimta sarai, wato gonar na iya rufewa, kuma wani ƙarin na tafe. Mai hankali idan ya ji haka, abin da zai fara yi shi ne neman lambar wata gona. Ba adadin ƙarin ne ya tayar masa da hankali ba, don ba a ma faɗa masa adadin ba. Giɓin da aka bari ne ya cike da kansa, kuma mutum ba ya cike irin wannan giɓi sai da mafi munin abin da yake tsoro.

Akwai hanyoyi uku da aka fi bi wajen gyara irin wannan saƙo, kuma kowace tana da inda take aiki da inda take ɓata ciniki. Amma ba a zaɓar ko ɗaya daga cikinsu kafin a zauna da biro da takarda.

Lissafi kafin rubutu

Farashin da ke nan misali ne, kowa ya sa nasa. Kaza mai ƙwai tana cin abinci kusan giram 115 a rana. Kaji 1,000 ke nan suna cin kilo 115, wato buhu huɗu da rabi da ɗan ɗoriya na buhu mai kilo 25, a ce buhu 4.6. Idan suna yin ƙwai yadda ya kamata, a samu 800 a rana, a cire fasassu da masu tsaga, abin da zai fita kasuwa bai wuce kiret 26 ba, kowane kiret ƙwai 30. To a ce buhun abinci ya tashi daga naira 14,000 zuwa 15,500. Ƙarin naira 1,500 sau buhu 4.6 ya ba da naira 6,900 a kowace rana. A raba wa kiret 26, kowane kiret ya ɗauki kimanin naira 265. Idan kuɗin mai keken da ke kai kaya da na kwalin kiret su ma sun ɗan motsa, a ce naira 35 a kan kowane kiret, an samu naira 300 cif. Kiret ɗin da ake bayarwa 4,800 zai koma 5,100, ƙwai ɗaya ya tashi daga naira 160 zuwa 170.

Wannan lissafin shi ne yake raba saƙon gaskiya da saƙon da ya yi kama da gaskiya. Abinci ya tashi da kusan kashi 11 cikin 100, amma ƙwai da kashi 6 da ɗan wani abu kawai ya kamata ya tashi, saboda abinci ba shi ne dukan kuɗin da ake kashewa a kan kiret ba. Wanda ya rubuta "abinci ya ƙaru da kashi 11, don haka mu ma mun ƙara kashi 11" zai ɗora sama da naira 500 a kiret, kusan rabinsu riba ce da aka ɓoye a bayan buhun abinci. Babu laifi mutum ya ƙara ribarsa, kayansa ne. Laifin yana wajen jingina ta ga dalilin da bai kai haka ba. Kuma 'yan sarin ƙwai sun san farashin abincin kaji kamar yadda mai gona ya sani, wasu ma a shago ɗaya suke haɗuwa da shi.

Hanya ta farko: gajeren saƙo, adadi da rana

"Assalamu alaikum. Muna sanar da ku cewa daga ranar Litinin 12 ga wata, kiret ɗin ƙwai zai koma N5,100 daga N4,800, ƙarin N300 ke nan. Daga yau Alhamis zuwa Lahadi farashi yana nan yadda yake. Wanda ya riga ya biya zai karɓi kayansa a tsohon farashi. Mun gode."

Ƙarfin wannan saƙo shi ne ya amsa tambayoyin nan uku da saƙon farko ya bari a buɗe, kuma bai ƙara komai ba. An faɗi tsohon farashi da sabo da bambancinsu, don kada kowa ya yi lissafi a kai ya kuskure. An faɗi rana da sunanta da kwanan watanta. "Mako mai zuwa" ko "nan da 'yan kwanaki" rigima suke jawowa, domin wanda ya karanta saƙon ranar Asabar da wanda ya karanta shi ranar Alhamis ba mako ɗaya suke nufi ba. Sannan idan aka tura shi ga wani, ko aka ɗauki hotonsa aka yaɗa, babu wata jimla a ciki da za ta zama abin tsegumi a kasuwa.

Rauninsa shi ne sanyi. Ga mutumin da ya shekara huɗu yana karɓar kiret arba'in duk mako, saƙon da bai ce masa komai game da dalili ba yana iya zama kamar takardar ofis. Zai ji an yanke hukunci ba a ko gaishe shi ba. Kuma idan sauran gonakin da ke kusa ba su ƙara ba tukuna, rashin dalilin zai sa ya ɗauka son rai ne. Don haka gajeren saƙo ya fi dacewa a lokacin da kowa ya riga ya san kasuwa ta motsa, an ƙara a Babbar Kasuwa, an ƙara a shagunan unguwa, kai ne ma ka zo a baya. Ya kuma dace da masu sayen kiret ɗaya ko rabi jefi-jefi, waɗanda farashi kawai suke son ji.

Hanya ta biyu: adadi, rana, da dalili guda ɗaya

"Assalamu alaikum, barkanku da aiki. Daga ranar Litinin 12 ga wata, kiret ɗin ƙwai zai koma N5,100 daga N4,800. Ƙarin N300 ne, wato N10 a kan kowane ƙwai. Dalili shi ne buhun abincin kaji ya tashi daga N14,000 zuwa N15,500, kuma kuɗin kai kaya ya ɗan ƙaru. Girman ƙwai da lokacin kawowa ba su canza ba. Daga yau zuwa Lahadi kowa zai samu adadin da ya saba karɓa a tsohon farashi, wanda kuma ya riga ya biya, kayansa na nan a N4,800. A yi haƙuri da wannan canji. Mai tambaya ya kira ni kai tsaye."

A ganinmu wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da yawancin masu sayar wa 'yan kasuwa irinsu, kuma ya kamata a tsaya a duba yadda aka jera ta. Farashi ne ya zo farko, dalili ya biyo baya. Mutane da yawa suna juya wannan tsari saboda kunya, su fara da dogon bayanin halin da ake ciki, su ajiye adadin a can ƙasa. Abin da hakan ke haifarwa shi ne mai karatu yana bin layi bayan layi gabansa na faɗuwa, yana jiran dukan da ya san yana zuwa. Kafin ya iso wurin naira 300 ya riga ya ƙiyasta 1,000 a ransa. Bugu da ƙari, a allon waya layi biyu na farko ne ke fitowa kafin a buɗe saƙo, saboda haka abin da ya fi muhimmanci ya zauna a nan.

Dalilin kuwa guda ɗaya ne babba, kuma wanda mai karatu zai iya bincikawa da kansa. Farashin buhun abinci abu ne da mutum zai tambaya a kowane shagon kayan kaji ya ji. Wannan ya bambanta da "halin da ƙasa take ciki". Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, sannan aka bar kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yunin da ya biyo baya, kusan kowane ƙarin farashi ana rataya shi a kan mai da dala. A watannin farko kowa ya yarda, don kowa ya ga litar mai ta ninka fiye da sau biyu a gidan mai. Amma dalilin da aka yi ta maimaitawa yana tsufa. Kwastoma yana jin farashin dala a rediyo, yana shan mai a babur ɗinsa. Idan ka ce dala a makon da dala ba ta motsa ba, ya kama ka, ko da ƙarin naka yana da hujja ta wani wajen. Faɗi abin da ya tashi a gonarka, ka bar abin da ya tashi a labarai.

Jimlar "N10 a kan kowane ƙwai" tana buƙatar taka-tsantsan. Tana da amfani ga mai shayi, saboda da ƙwai ɗaya-ɗaya yake sayarwa, kuma da ita zai yanke shawarar ko ya ƙara kuɗin soyayyen ƙwai ko ya haɗiye ƙarin. Amma ba a rubuta ta ita kaɗai. Wanda ya ce "naira goma ce kawai muka ƙara" ya ɓoye 300, dabara ya yi. Mai shayin da ke karɓar kiret uku kullum zai biya ƙarin naira 900 a rana, 6,300 a mako, kuma ranar da ya gano haka a aljihunsa zai tuna da kalmar "kawai". Gara a cire "kawai" da "ɗan ƙari" gaba ɗaya. Mai biya ne yake da ikon cewa ƙari kaɗan ne ko da yawa.

"Girman ƙwai da lokacin kawowa ba su canza ba" ita ce jimlar da ke kwantar da hankali a cikin saƙon, kuma ta fi addu'o'i goma aiki a wannan wurin, domin tana faɗa wa mutum iyakar abin da ya canza. Sharaɗinta ɗaya, ta zama gaskiya. Idan za ka fara cusa ƙananan ƙwai na sababbin kaji a tsakiyar kiret, kada ka rubuta ta. Gara ka raba kiret gida biyu, manya da ƙanana, kowanne da farashinsa a fili.

"A yi haƙuri" sau ɗaya ya isa. Ladabi ne, kuma Bahaushe yana jiran jin sa. Idan ya kai uku, saƙon ya koma na mai laifi, kuma mai laifi ana taya shi ciniki: "To Alhaji, tunda kai ma ka san abin ya yi yawa, a bar mana a dubu biyar." Haka ma rantsuwa. An ruwaito a hadisi cewa rantsuwa tana sayar da haja amma tana shafe albarka, kuma ko a idon kasuwa, "wallahi" a rubuce tana sa mai karatu ya fara tunanin me ya sa ake rantse masa tun bai musa ba. Adadin buhu ya wadatar.

Inda wannan hanya take da haɗari shi ne ta ɗaure ka. Ka ce abinci ne ya sa ka ƙara, to ranar da masara da waken suya suka sauka da kaka, buhun abinci ya ragu, za a tuna maka. Wannan adalci ne, kuma wanda bai shirya saukewa ba idan dalilin ya gushe, gara ya tsaya a hanya ta farko. Haɗari na biyu shi ne yawan bayani. Da zarar an fara jero kuɗin magani, kuɗin gas na janareta, albashin yara, ɓawon shinkafar shimfiɗa, saƙon ya koma kuka, kuma kowane layi ƙofa ce ta gardama.

Hanya ta uku: saƙo mai laushi da ba ya faɗin komai

"Abokan hulɗarmu masu daraja, muna godiya da kasancewa tare da mu. Domin ci gaba da kawo muku ingantaccen ƙwai, za a samu ɗan gyara a farashinmu nan ba da jimawa ba. Mun gode da fahimtarku."

Wannan ita ce hanyar da mutane ke faɗawa idan aka ce musu saƙonsu na farko yana da tayar da hankali. Sun cire ihun, sun cire maganar rufe gona, amma sun haɗa da cire gaskiyar. "Gyara" ba ƙari ba ne a kunnen kowa, har sai an zo biya. Babu adadi, babu rana. "Domin ci gaba da kawo muku ingantaccen ƙwai" kuwa yana nuna kamar alfarma ake yi wa mai saye, alhali ƙwan jiya ne za a kawo masa gobe a farashi mafi tsada. Sakamakonsa a aikace shi ne wayarka za ta yi ta ƙara, mutum talatin suna tambayar "nawa ne?", ka ba kowa amsa da baki, wani ya ji 5,100, wani ya rantse 5,000 ya ji. Mafi muni shi ne a bar yaron da ke kai kaya ya zama shi zai faɗi sabon farashi a bakin shago, ga kiret an sauke, ga mai shago ya ƙirgo tsohon kuɗi. Ba mu ga wurin da wannan hanya ta fi sauran biyun ba. Gaisuwarta da godiyarta za a iya ɗauka a ɗora a kan hanya ta biyu, sauran a bar shi.

Yau, kwana uku, ko mako guda

Wa'adin da za a bayar shi ma zaɓi ne, kuma lissafi ne ke yanke shi. Mai gonar nan tamu yana asarar naira 6,900 a kowace ranar da ya sayar a tsohon farashi da sabon abinci. Kwana uku sun ci masa kusan naira 20,700, mako guda ya haura 48,000. Idan yana da sauran buhunan da ya saya a tsohon kuɗi da za su kai shi kwana huɗu, to wa'adin kwana uku bai ci masa komai ba, kuma shi ne gaskiyar lamarin, tunda ƙwan waɗannan kwanaki da tsohon abinci aka yi shi. Ƙari na nan take ya fi kowanne zafi ga mai shayi da mai yin kek, domin sun riga sun yi alkawari da nasu kwastomomin. Mai kek ɗin da ta karɓi aikin biki na ranar Asabar ta yanke farashinta a kan kiret 4,800, ba ta da hanyar komawa wurin uwar amarya.

Wa'adi mai tsawo kuma yana da tasa matsalar. Da ka ce sai bayan mako, ɗan sarin da ke karɓar kiret arba'in zai nemi ɗari, ya turo kuɗin tun kafin ka amsa. Gonar da ke fitar da kiret 26 a rana ba za ta iya ba, kuma idan ka ba shi, ƙananan kwastomomi sun rasa. Wannan ne ya sa aka saka "adadin da ya saba karɓa" a cikin saƙon hanya ta biyu. Kalmomi biyar ne da ke hana rigimar da ta fi kowace yawa a irin wannan mako. Akwai kuma maganar bashi, wadda ba a sa ta a saƙon kowa da kowa. Wanda ake bi kuɗin kiret ashirin na makon jiya, a tsohon farashi ake bin sa, a faɗa masa haka shi kaɗai, don wasu na ɗauka sabon farashi zai hau tsohon bashi.

A rubuce ko da murya

Da yawa daga cikin masu shayi da masu shago sun fi son saƙon murya, wasu don karatun boko bai zauna musu ba, wasu don hannunsu yana cikin aiki. Murya tana ɗauke da girmamawar da rubutu ba ya iya ɗauka. Amma adadi a murya yana zamewa: "dubu biyar da ɗari" da "dubu biyar da ɗari biyar" kalma ɗaya ce ta raba su, ga ƙarar janareta ko ta kasuwa. Kuma mai magana ba tare da takarda a gabansa ba yakan zarce, ya fara da farashi ya ƙare da labarin asara, sai ga maganar rufe gona ta dawo ta bayan gida. Abin da ya fi shi ne a haɗa biyun. A fara tura rubutun, sannan a bi shi da murya da ba ta wuce rabin minti ba, ana karanta abin da aka rubuta, a maimaita adadin sau biyu. Idan an samu saɓani daga baya, rubutun ne shaida.

A WhatsApp, wurin da aka ajiye saƙon yana canza yadda ake karɓarsa. Idan aka sa shi a guruf, mutum ɗaya ya rubuta "kai, wannan ya yi yawa", sauran sun samu jagora, kuma duk rangwamen da ka yi wa ɗaya a nan ka yi wa kowa. Status yana ɓacewa bayan awa 24, ba kowa ke dubawa ba, don haka tunatarwa ce kawai, ba sanarwa ba. New broadcast ya fi dacewa, domin kowa zai ga saƙon kamar shi kaɗai aka tura wa, amsarsa ma kai kaɗai za ka gani. Yana ɗaukar mutum 256, sai dai wanda bai ajiye lambarka a wayarsa ba saƙon ba zai isa gare shi ba. Nan ne ake samun wanda zai ce ranar Litinin "ni ban ga komai ba", kuma da gaskiyarsa. A duba ranar Juma'a, duk wanda saƙonsa bai nuna ya shiga ba a kira shi. Idan ana son adadin ya fito da kauri, a sa shi tsakanin taurari biyu:

```
*N5,100*
```

A karanta adadin sau biyu kafin a tura. Gyaran saƙo yana yiwuwa ne cikin minti 15 kawai, kuma zai nuna Edited, abin da ke sa wasu zargin an canza farashi bayan sun gani. Idan an yi kuskure, gara a turo sabon saƙo a ce "gyara: N5,100 ne, ba N5,500 ba".

Masu ƙaramar waya sai ta tes. Tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ, ko alamar ₦, sai ya koma harafi 70, saƙon ya rabu gida uku, kuɗinsa ya ninka, wani lokaci ma haruffan su fito a matsayin akwatuna a tsohuwar waya. A nan ana rubutawa ba lanƙwasa, da N a gaban adadi:

```
Salam. Daga Litinin 12 ga wata kiret din kwai zai koma N5,100 daga N4,800, karin N300. Wanda ya riga ya biya zai karba a tsohon farashi. Mun gode.
```

Manyan kwastomomi uku ko huɗu, waɗanda rabin ƙwan gonar ke tafiya wurinsu, ba a barin su su ji daga saƙon gama-gari. Ana kiran su kafin a tura wa kowa: "Alhaji, barka da yamma, ya kasuwa? Na ce bari in faɗa maka da bakina kafin ka gani a waya. Ranar Litinin kiret zai koma dubu biyar da ɗari ɗaya. Arba'in ɗinka na wannan makon suna nan a yadda muka saba." Ɗan sarin da ke ɗaukar kiret arba'in ƙarin naira 12,000 ne ya hau kansa a mako, ya cancanci minti biyu na waya. Bayan kiran, shi ma a tura masa rubutun.

Tambayar da za ta biyo baya

Ko wace hanya aka bi, wani zai tambaya: "Hajiya, za a sake ƙarawa ne?" ko "Malam, yaushe zai sauko?" Saƙon farko ya amsa da "ba mu san inda abin zai tsaya ba", wanda gaskiya ne amma yana kora. Kishiyarsa, "wannan ne na ƙarshe in sha Allahu", yana da daɗin ji, sai dai alkawari ne a kan kasuwar masara, wadda ba a hannun mai gona take ba. Masara takan yi tsada a tsakiyar damina kafin sabuwa ta shigo, zafin Maris da Afrilu kuma yakan rage wa kaji yin ƙwai, kiret 26 ya koma 24 alhali ma'aikata da magani da kuɗin kai kaya suna nan yadda suke. Duk wanda ya yi alkawarin "na ƙarshe" a watan Fabrairu yana iya cin maganarsa kafin Mayu.

Abin da mai gona zai iya alkawartawa shi ne abin da ke hannunsa. Idan ya sayi abincin da zai kai shi ƙarshen wata, sai ya ce: "Wannan farashin zai tsaya har ƙarshen wata, don abincin da na saya zai kai mu can. Idan wani canji zai zo, sama ko ƙasa, zan sanar da ku kwana uku kafin ya fara." Da wannan mai shayi zai iya yanke farashin soyayyen ƙwansa na mako uku, mai kek ta karɓi aikin suna na ranar 25 ga wata ta san a kan nawa za ta yi lissafi. Idan kuwa abincin da ke sito na kwana goma ne kacal, kwana goma za a ce, a rubuta ranar da zai ƙare.